Ba Daji Ba Ne

Shekara ashirin da shida ya yi yana tsaye a wuri ɗaya, tsakanin akwatin shaida da teburin magatakarda, har simintin wurin ya yi santsi saboda takalminsa. A kotun kowa Tafinta yake ce masa, amma tsofaffin ma'aikata in sun so tsokana sai su ce Aku. Ba ya jin haushi, cewa yake aku maimaitawa kawai yake yi, shi kuwa ɗauko magana yake daga wannan bakin kogi ya haye da ita wancan ba tare da ta jiƙe ba. Lauyoyi na shakkarsa, domin in ɗayansu ya murɗa tambaya don ya ruɗa wani tsoho, sai Tafinta ya juya wajen alƙali cikin ladabi ya ce, “Ranka ya daɗe, tambayar nan guda biyu ce a riga ɗaya, wacce zan fara ba shi?”

Abin ya fara ne da haƙorin turmi na ƙasa, ɓangaren hagu, wanda ya soma girgiza ba tare da ciwo ba. Likitan haƙori ya cire shi. Bayan wata uku na kusa da shi ma ya kama rawa, kuma matarsa ta lura da wani tudu a gefen muƙamuƙinsa, mai tauri kamar an cusa ƙwallon dabino a ƙarƙashin fata.

“Malam, fuskar nan taka ta karkace.”

“Tsufa ne, Innar yara. Ke ma ba a miƙe kike ba.”

Ba ta yi dariya ba. Ita ce ta yi jinyar mahaifiyarsa wata tara, lokacin da ciwon daji ya cinye tsohuwar tun daga nono har ƙashin baya, kuma tun daga nan ko kurji ta gani a jikin wani sai gabanta ya faɗi. Ta matsa masa har ya koma. A wannan karon likitan haƙorin ya ɗauki hoton muƙamuƙin duka, ya ɗaga shi a hasken taga ya daɗe yana kallo. Inda ya kamata ƙashi ya fito fari tas, akwai wani wuri mai duhu, rami-rami kamar kumfar sabulu. Ya rubuta masa takarda zuwa babban asibiti, sashen tiyatar baki da muƙamuƙi.

A can wata likita ce ta gan shi, doguwa, marar yawan magana, wadda Hausarta ba ta wuce gaisuwa da “buɗe baki” ba. Ta yi masa allurar kashe zafi a dasashi, ta tsaga, ta yanko ɗan tsoka kamar ƙwayar wake daga cikin ƙashin, ta jefa a kwalba mai ruwan magani, ta ɗinke. Ta ce za a kai ɗakin gwaje-gwaje a yanka shi siriri a duba da madubin ƙara girma, ya dawo bayan mako biyu.

Makon nan biyu a gidan ko rediyo ba a kunna ba. Innar yara ta rufe keken ɗinkinta da zane. Yayarsa, wadda su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu, kullum sai ta zo ta zauna a kujerar bakin ƙofa tana jan carbi, ta tashi ta tafi.

Ranar da ya je karɓar sakamakon, ma'aikacin ɗakin gwajin ya miƙa masa ambulan a manne ya ce ya kai wa likitarsa. Bai kai ƙarshen barandar ba ya farke ta. Layuka ne na kalmomin da duk Turancinsa bai taɓa gamuwa da su ba, sunayen ƙwayoyin halitta da yadda suka jeru. A ƙasa aka rubuta sunan cutar, wani dogon suna, sai kalma ɗaya da ya sani: benign. Layin ƙarshe kuma ya ce ba a ga alamar daji ba.

Ya zauna a kan bencin barandar tsakanin wata mai goyo da wani mai sandar guragu. Bai shiga wurin likitar ba ran nan. Gida ya nufa, ya ɗauko tsohon ƙamus ɗinsa mai ɓallallen bango, don shi mutum ne da ba ya fassara kalma da ka in akwai littafi kusa. Ƙamus ya ce: mai kirki, mai sauƙin hali; a likitanci, wanda ba daji ba, marar haɗari.

“Ba daji ba ne!” ya faɗa tun daga ƙofar ɗaki. “Marar cutarwa, haka suka rubuta. Ƙari ne mai sauƙin hali.”

Yaya ta fashe da kuka, carbin ya faɗi ƙasa. Innar yara ta durƙusa inda take ta yi sujada a kan tabarma. Kafin la'asar an kira 'ya'yansu uku a waya, an gaya wa maƙwabta, gida ya cika da masu barka. Wani maƙwabcinsu direba ya ce to ai shi ma surukarsa ya kamata a kai ta ɗakin gwajin nan, ko za a rubuto masa cewa mai sauƙin hali ce. Aka yi ta dariya, Tafinta har da riƙe ciki.

Bayan kwana huɗu suka je wurin likitar tare da Innar yara. Ɗakin ƙarami ne, kujerar duba haƙori ta cinye rabinsa, fanka na juyawa a sama da ƙara. Tafinta ya miƙa takardar yana murmushi, ya gaishe ta da Turancin kotu. Ta karanta, ta maƙala hotonsa a jikin allo mai haske, ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

Ta ce labari ne mai daɗi, ba daji ba ne. Ma'anar kalmar ita ce ƙwayoyin ba irin masu ɓallewa su bi jini su kafa a huhu ko hanta ba ne, kuma ba ya buƙatar ƙona wuri da haske ko ƙarin ruwan maganin daji. Iyakar abin da kalmar ta yi alkawari ke nan. Ba ta ce ƙarin zai daina girma ba, kuma ba ta ce zai bar ƙashin da yake ciki lafiya ba. Wannan irin, in ji ta, daga ragowar ƙwayoyin da ke ƙera haƙori yake tasowa, yana cin ƙashi a hankali ba ciwo, yana kuma tura 'yan saiwoyi cikin ƙashin da a hoto ake ganin lafiyarsa ƙalau. Babu ƙwaya ko allurar da take da ita da za ta narkar da shi. Maganinsa a yanke wannan yanki na muƙamuƙin, tare da ƙarin kamar faɗin yatsa na ƙashi mai lafiya ta kowane gefe, a ɗora ƙarfe, a ɗebo ƙashi daga ƙugunsa a cike gurbin.

Ta auna masa da yatsunta huɗu a jikin nata muƙamuƙin.

Murmushin ya bushe a fuskarsa. Ya tambaye ta maganarsa fa. Ta ce makonnin farko da wuya, amma za ta dawo. Abin da ba zai dawo ba shi ne jin leɓensa na ƙasa ta hagu, domin jijiyar ta cikin ƙashin da za a cire ta ratsa. Ya ce ba za a iya buɗewa a kankare abin kawai ba? Ta ce ana iya yi, amma a irin nasa fiye da rabin waɗanda aka kankare musu yana dawo musu, kuma in ya dawo ya fi na farko faɗi. Ya ce saura masa shekara huɗu ya yi ritaya, ba zai jira ba? Ta ce ba abin gobe ko jibi ba ne, amma ba ta son ya wuce wata biyu ko uku.

Innar yara na ta kallon bakinsu, daga wannan zuwa wancan. Ta taɓa hannun rigarsa.

“Malam, me take cewa? Na ga tana nuna haɓarta.”

Ya juyo. Shekara ashirin da shida bai taɓa rage wa wani magana ko ƙara masa ba, ko da mai laifin da ya tsana ne.

“Ta ce ba daji ba ne, kamar yadda na gaya miki. Ta ce ba abin gaggawa ba ne. In ya dame ni wata rana, akwai ɗan aikin da za a yi.”

“Alhamdu lillahi. Ka ce mata mun gode, Allah Ya saka.”

Ya faɗa wa likitar cewa matarsa na godiya. Likitar ta kalli matar, ta kalle shi, ta tambaya ko ya bayyana mata batun tiyatar. Ya ce ƙwarai. Ta rubuta masa ranar dawowa a kati.

Bai dawo ba. Ba wai bai fahimta ba ne, ya fahimci kowace kalma. Amma duk sanda ya tuna yatsun nan huɗu sai ya ga kansa tsaye a gaban alƙali miyau na zuba daga leɓen da ba ya ji, lauyoyi na sunkuyar da kai. Sai ya buɗe aljihun tebur ya sake duba takardar, ga kalmar nan da hatimi da sa hannu. Ya ce wa kansa likitocin tiyata kamar mahauta suke, ba sa ganin dabba sai su ga nama.

Da kumburin ya fara fitowa ta yadda abokan aiki ke tambaya, ya nemi wani asibiti mai zaman kansa a bayan kasuwa. Likitan wurin ya saurare shi, ya karanta takardar, ya ce shi ma da yankewar zai fi so. Tafinta ya ce jikinsa ne, kuma ya yi karatu, ya san abin da kalmar ke nufi. Likitan ya ɗaga kafaɗa, ya ba shi takarda ya sa hannu cewa an gaya masa abin na iya dawowa, ya kuma ce dole duk wata shida ya zo a ɗauki hoto. Aka buɗe ta cikin baki, aka kankare ramin, aka cire haƙori ɗaya. Abin da aka kankaro aka sake aika shi gwaji, sakamako ya dawo da kalma iri ɗaya.

“Shaida biyu,” in ji Tafinta yana kaɗa takardun a gaban Yaya. “Ko a kotu an gama shari'a.”

Fuskarsa ta koma daidai. Ya je hoton farko, aka ce ramin na cikowa. Na biyu ya faɗo ranar wata babbar shari'ar fili, na uku kuma bai ma tuna ba. Shekara biyu suka wuce lafiya, aka aurar da autarsu, ya yi jawabi a wurin har mutane na cewa bakin nan nasa ko a rediyo sai haka.

A shekara ta uku, wata safiya yana aske gemu, reza ta hau wani tudu a gaban tsohon wurin, kusa da haɓa. Ya danna da yatsa, ya ji ƙashin ya lotsa ya dawo da ɗan ƙara kamar ɓawon ƙwai. Ya daɗe tsaye gaban madubin da kumfa a fuska. Daga ran nan ya daina aski. Innar yara ta ce gemun ya yi masa kyau, ya zama dattijon gaske.

Gemu na ɓoye kumburi, amma ba ya ɓoye magana. Haƙoransa na gaba suka fara barin layi, suna jingina da juna kamar tsohuwar danga. Ƙasan bakinsa ya taso ya tura harshen sama. Haruffan da ke son kan harshe suka fara gagarar sa, musamman in ya gaji. Matarsa ta lura, ta yi magana sau biyu, sau uku, ya ce ai sun ji daga bakin likitoci, abin ba ya cutarwa, kumburi ne mai zuwa ya tafi. Ta ƙyale shi, don ita ba ta da takardar da za ta ɗaga ta ƙaryata shi.

Wata Talata ana sauraron wata mata da aka kora daga shagonta, ya fassara amsarta, alƙali ya ce ya maimaita. Ya maimaita. Alƙalin ya kalli magatakarda, magatakarda ya girgiza kai. A karo na uku wani matashin lauya ya miƙe ya ce, da girmamawa, ba zai iya yi wa shaida tambayoyi a kan abin da bai ji ba. Matar da ke cikin akwati ta dubi Tafinta ta ce a hankali, “Baba, ko ruwa za ka sha?”

Bayan an tashi alƙalin ya kira shi ofis, ya ba shi kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce kowa ya san aikinsa, amma haƙƙin mutane ne a hannunsu. Daga Litinin aka mayar da shi ɗakin ajiye fayil a ƙasan bene, inda ba taga sai ƙwan fitila ɗaya da warin tsohuwar takarda. A gida cewa ya yi girma aka ƙara masa, yanzu ba ya tsayuwa.

Wata biyar ya yi a can. Ranar wata Asabar da safe suna karyawa, ya gatsa gefen burodi, sai aka ji ƙas, ƙara marar ƙarfi kamar an taka busasshen kara. Kofin shayin ya suɓuce daga hannunsa. Haɓarsa ta zame gefe, bakin ya ƙi rufuwa, jini da miyau suka gangaro cikin gemun. Innar yara ta yi salati, ta cire ɗankwalinta ta ɗaure masa haɓar zuwa tsakar kai, ta fita ba takalmi ta buga ƙofar direba.

A babban asibiti, likitar nan ta farko ce dai, gashinta ya ɗan yi furfura a gaba. Ta gane shi. Ba ta ce masa komai a kan katin da bai dawo da shi ba. Ta sa aka aske gemun, ta tura shi hoton na'urar da ke nuna cikin ƙashi yanka-yanka, ta sake ɗaukar tsoka daga wurare biyu, domin ta ce ƙarin da ya daɗe haka dole a tabbatar bai canza hali ba, kuma gwaji abin da aka yanko kawai yake gani. Aka kwantar da shi a ɗakin maza, gado na bakwai, an ɗaure masa kai da bandeji.

Da sakamakon ya fito, likitar ta zo bakin gadon ta fara yi masa bayani da Turanci. Innar yara ta miƙe tsaye.

“A kira min wanda zai gaya min da Hausa. Shi yanzu ba baki gare shi ba.”

Aka kira wata nas, babbar mace mai tabarau. Ta tsaya a ƙarshen gadon tana juya maganar likitar jimla bayan jimla. Har yanzu ba daji ba ne. Amma ya cinye ƙashin tun daga kusa da kunnen hagu, ya ƙetare haɓa, ya kai haƙori na biyar a dama, ya kuma huda ƙashin ya shiga naman ƙasan baki. Duk wannan za a cire.

Innar yara ta ce, “Tambaye ta, 'yar nan. In ba ya cutarwa, me ya karya masa ƙashi?”

Nas ta tambaya, ta saurara, ta juyo. “Ta ce, Mama, kin ga bishiyar da kan tsiro a jikin katanga? Ba ta tashi ta koma gidan maƙwabta, amma in aka bar ta sai ta tsaga katangar. Ta ce kalmar da ke takardar ba ta nufin marar cutarwa, tana nufin ba ya yawo a jiki. Ta ce abin da ya sa tun wancan zuwan ta ce a yanke cikin wata biyu ko uku ke nan, lokacin bai wuce yatsa huɗu ba.”

“Wane zuwan?”

“Zuwanku na farko, ta ce kina wurin.”

Innar yara ta juya ta dubi gadon. Tafinta ya rufe ido. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce wa nas ɗin ta ci gaba, kada ta rage komai.

Ba ta rage ba. Tunda haɓa za ta tafi, harshe zai rasa madogara ya faɗa baya, don haka za a huda maƙogwaro a sa bututun numfashi na ɗan lokaci. Abinci ta bututun hanci. Za a lanƙwasa dogon ƙarfe a madadin muƙamuƙin. Gurbi mai tsawo haka ƙashin ƙugu ba ya riƙe shi da kyau. Wanda ya fi dacewa shi ne a ɗauko siririn ƙashin ƙwauri da jijiyoyin jininsa a haɗa da na wuya, amma ba su da kayan wannan aikin a nan, sai dai daga baya a nema masa wuri a wani asibitin. Leɓen ƙasa duka ba zai ƙara ji ba. Magana za ta dawo, amma ba irin ta da ba.

Da suka watse, Innar yara ta ja labule ta zauna a kan kujerar roba. A gadon kusa wani na tari, can ƙarshen ɗakin ana goge ƙasa da ruwan magani.

“Malam,” ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. “Ni ka yi wa haka? Ɓarayi da masu kisa ka faɗa musu gaskiyar abin da aka ce a kansu, ni da na wanke uwarka da hannuna ka ce min ba gaggawa?”

Ya lalubo ɗan littafin da nas ta ba shi, ya yi rubutu da biro, ya miƙa mata. Karatun bokonta bai yi nisa ba, amma tana haɗa Hausa. Ya rubuta: Tsoro na ji.

“Ni ma tsoron nake ji, tun ranar da na ga fuskarka ta karkace. Da ka bar ni na ji da kunnena, da ko jan ka zan yi sai na kawo ka.” Ta ajiye littafin a kan cikinsa. “Har na ce ka yi mata godiya.”

Ta tashi ta fita baranda. Yaya, da ta iso a lokacin da kwanon abinci wanda ba mai ci, ta same ta jingine da ƙarfen baranda tana kallon motocin da ke ƙasa. Da ta ji labarin sai ta ce haƙuri za a yi, ƙaddara ce, abin da Allah Ya rubuta ba makawa. Innar yara ta ce ta sani, Yaya, ta yarda da ƙaddara, amma yau dai a bar ta.

Aikin ya ci awa bakwai. Da aka fito da shi, fuskar ta kumbura har ba a gane shi, bututu a hanci, bututu a wuya yana ƙara da kowane numfashi. Kwana goma sha biyu kafin a cire na wuyan. Innar yara ce ta koyi zuƙe majina da na'ura, ita ke ɗura masa madara da romo ta sirinji, ita ke juya shi. Duk abin da ya kamata ta yi masa ta yi, amma hira ba ta yi da shi. Ranar da kumburin ya saɓe ya nemi madubi, ta ba shi ba musu. Ƙasan fuskarsa ya shige ciki, leɓen ya rataya, ɗinki ya bi ta ƙarƙashi daga kunne zuwa kusan ɗaya kunnen. Ya kalla, ya kife madubin a kan bargo.

Abin da aka ciro, aka kai shi gwaji gaba ɗaya. Bayan mako uku likitar ta zo da takardar, nas mai tabarau na biye da ita. Kalmar ba ta canza ba. Bakin ƙashin ta gefe biyu ya fita tsaf, amma ta ƙasan baki, inda ƙarin ya shiga nama, tazarar da ke tsakaninsa da bakin wuƙa kaɗan ce ƙwarai. Tafinta ya rubuta da Turanci: Ya ƙare? Likitar ta ce ba za ta iya ce masa haka ba. Irin wannan yana iya dawowa bayan shekara biyar, ko goma, har fiye. Zai riƙa zuwa duk wata uku da farko, kuma ba ranar da za a ce ya gama zuwa.

Takardar ritayarsa magatakarda ne ya kawo har gida, da wani agogon bango da ma'aikata suka haɗa suka saya. Ya zauna minti goma yana kallon ƙasa, ya ba da labarin sabon tafintan da aka kawo, wanda da wani ya kira maƙwabcinsa “ɗan'uwana” ya fassara shi da ɗan'uwa na jini, har aka ɗauka gado za a raba da maƙwabci. Tafinta ya so ya yi dariya, sai miyau ya zubo, ya kai tawul bakinsa. Magatakarda ya ce bari ya gudu kada a neme shi.

Asibitin da ke aikin ƙashin ƙwauri ya sa sunansa a layi, aka ce a jira kira. A wata na takwas bayan aikin fatar haɓarsa ta yi siriri tana sheƙi, sannan ta ɓule, ƙarfen ya leƙo kamar bakin cokali, yana fitar da ruwa. Suka koma ranar asibitinsu. Likitar ta wanke wurin, ta rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta, ta ce ƙarfe ba ƙashi a bayansa dama yakan yi haka, in bai rufe ba sai an cire shi, kuma in aka cire abin da ya rage na muƙamuƙin zai ƙara shigewa ciki. Za ta sake rubuta wa wancan asibitin ta ce a hanzarta. Hoton ran nan dai bai nuna ƙarin ya dawo ba.

Suka fito da rana tsaka. A tashar motar da ke bakin asibitin mutane sun yi cincirindo a 'yar inuwar rumfa, wata yarinya a bayan uwarta ta zuba masa ido har uwar ta juyar da ita. Ya ja rawanin da yake rufe fuska da shi sama. Ya ce wani abu, Innar yara ba ta ji ba saboda ƙarar motoci.

“Me ka ce?”

Ya sake faɗa, a hankali, yana tauna kowane harafi da abin da ya rage masa. Tambaya yake ranar dawowa da aka ba su.

“Sha huɗu ga wata,” ta ce. “Katin na wurina.”

Motar ta zo a cike. Ta riƙe masa gwiwar hannu ya hau, wani ya tashi ya ba shi wuri, ita ta tsaya a kansa riƙe da ƙarfe da ledar magunguna har suka kai unguwarsu.